Banki, Kamfanin Tura Kuɗi ko Asusun Waya: Wanne Ya Fi Kai Kuɗi Gida?

Mai aiki a ƙasar waje da zai aika wa iyali kuɗi, tambaya ɗaya ya kamata ya yi wa kowace hanya kafin ya zaɓa: idan na ba da kaza, nawa zai shiga hannun mai karɓa? Cajin da aka rubuta a allo rabin labari ne. Sauran yana ɓoye cikin farashin canji.

A ɗauka dala ɗaya tana daidai da 100 na kuɗin gida, kuma za a tura dala 200. Kamfani na farko ya cire dala 8, ya canza ragowar 192 a kan 99, iyali suka karɓi 19,008. Na biyu ya ce kyauta ne, amma ya canza a kan 94, suka karɓi 18,800. Wanda ya ce kyauta shi ya fi cin kuɗin. Ana gane haka ta hanyar duba farashin canji na kasuwa a ranar, a kwatanta shi da wanda kamfanin ya bayar.

Bankin Duniya yana auna tsadar tura dala 200 a faɗin duniya, kuma matsakaicinta ya daɗe a wajen kashi 6 cikin ɗari, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne ta sauko ƙasa da kashi 3 nan da 2030. Ga mai turawa duk wata, dala 12 kenan, wato 144 a shekara, kuɗin da da sun tafi makarantar yara, magani da cefane a kasuwar da iyalin suke.

A wannan awon banki ne ya fi tsada. Saƙon SWIFT, wato tsarin da bankuna ke amfani da shi wajen tura kuɗi tsakanin ƙasashe, kan bi ta bankunan tsakiya, kowanne na iya yankar nasa, ga kwanakin jira. Ya fi dacewa da kuɗi mai kauri, kamar na gini.

Kamfanoni irin su Western Union da MoneyGram sun fi amfani ga wanda ba shi da asusu, domin yakan karɓi tsaba cikin mintuna. Inda ake yawan samun cikas shi ne suna: idan ya saɓa da na katin shaida, wakili na iya hana kuɗin har sai mai turawa ya gyara. Lambar MTCN kuwa, wato lambar da Western Union ke bayarwa don karɓar kuɗin, mai karɓa kaɗai za a faɗa wa.

Asusun waya galibi ya fi sauƙi, sai dai yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma wakili zai caji kuɗin cirewa, don haka a haɗa shi cikin lissafi. Idan cajin tsayayye ne, turawa sau ɗaya a wata ta fi sau huɗu araha, muddin an yi magana da gida kan yadda za a raba kuɗin su kai ƙarshen wata.