Sharhi: malamin da ya juya sunan Kawu daga Ajami zuwa boko

Idan kana da dattijo a gida wanda sunansa a Ajami kaɗai yake rubuce, kuma lokacin yi masa lambar NIN ko fasfo ya zo, akwai wani malami a wani shagon kwamfuta wajajen Ƙofar Wambai da zan iya tura ka wurinsa ba tare da fargaba ba. Aikinsa na da kyau, sai dai shagon na da nasa matsalolin, zan zo kansu.

Kawuna ne zai tafi Umara. Gardi ne, ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, amma bai taɓa riƙe takardar boko ba. Shaidar sunansa ɗaya ce, wata 'yar takarda da mahaifinsa ya rubuta ranar suna, tana cikin gafaka. Kalma huɗu ce a jikinta: رضوان بن طاهر sannan laƙabinsa, ثندو. Wani yaro a unguwarmu da ya yi Islamiyya ya riga ya karanta mana ita, ya rubuta Ridwan Bin Tahir Thindu. Da aka karanta wa Kawu, sai ya ce wannan bawan Allah bai san shi ba.

Abin da ya fara burge ni da malamin shi ne bai karɓi takardar ba tukuna. Cewa ya yi, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, faɗa mini sunanka yadda ake kiran ka a masallacin unguwa." Kawu ya faɗa, ya sa ya maimaita a hankali, sannan ya buɗe takardar yana bin ta baƙi bayan baƙi. Dalilinsa a fili yake. Baƙaƙen Larabci ne, amma bakin da ke karanta su na Bahaushe ne, kuma a makarantar allo wasu baƙaƙen ba sa fita yadda Balarabe ke fitar da su.

A sunan farko, baƙi na biyu shi ne ض, wanda almajirai ke kira lodi. A karatunmu na gargajiya l yake bayarwa. Shi ya sa muke cewa alƙali da alwala da larura, shi ya sa ake da Murtala da Ramalan. Saboda haka Rilwanu ne, ba Ridwan ba. Malamin ya nuna mini rufu'a a kan nun ɗin ƙarshe, ƙarama ce, tawadar ta kusa kodewa, ya ce ga u ɗin nan, kada a yar da ita tunda mai sunan yana furta ta. Sunan uba kuma da ط ya fara, ɗa mai hannu, wanda a Ajami shi ne ɗ. Ɗahiru ke nan, ɗan'uwan Ɗalha da Ɗayyabu. Kalmar بن da ke tsakani ya ce a bar ta a waje. Ma'anarta ɗan wane ce kawai, in ta shiga fom sai ta zama suna na tsakiya, mutum ya wayi gari ana kiran sa Bin.

Laƙabin ne ya fi cin lokaci. Baƙin ث a sunayen Larabci s muke mayar da shi, kamar a Usman. Amma a kalmar Hausa tsantsa, marubutan Ajami da shi suke rubuta c. To wanne ne a nan? Takarda ba za ta faɗa ba. Haka wasalin ƙarshe, domin rufu'a da wau suna iya zama u, suna iya zama o, sai mai rubutu ya ga dama ya bambanta. Malamin ya dubi hannun Kawu, ya ga tabon da ke gefen ƙaramin yatsa, ya yi murmushi ya ce, "Baba, da yatsa shida aka haife ka ko?" Kawu ya ce ƙwarai. Cindo ne, sunan da ake ba wanda aka haifa da ƙarin yatsa. Ya ce irin wannan ruɗanin yana faruwa da e ma, domin ɗigon imala da ake sawa a ƙarƙashin baƙi in ya goge ko ya yi kama da wasalin ƙasa, sai Bello ya koma Billu.

Har nan boko na Hausa muke, Rilwanu Ɗahiru Cindo, kuma sautin bai kauce ba. Matsala ta biyu ita ce fom ɗin hukuma da haruffan Turanci yake aiki. Layuka biyun nan da ke ƙasan shafin hoto a fasfo, waɗanda na'ura ke karantawa, kowanne gurbi 44 ne, kuma suna ba ya shiga sai da A zuwa Z. Babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. A nan malamin ya faɗi gaskiya, ya ce dole a yi asarar wani abu, zaɓin kawai shi ne wace asara ta fi sauƙi. Tsakanin Dahiru da Tahir ya zaɓi Dahiru, domin duk Bahaushen da ya gani zai mayar da lanƙwasar da bakinsa, Tahir kuwa wani sunan ne a kunne. Ga Cindo ya ba da shawarar Chindo, saboda ma'aikacin da ba ya jin Hausa in ya ga c kaɗai zai ce Sindo ko Kindo. Ni a raina na fi son rubutun Hausa, amma hujjarsa ta fi tawa, tunda sauti muka zo karewa. Ya rubuta mana yadda zai fito a fasfo, da sunan uba a gurbin sunan iyali:

```
DAHIRU<<RILWANU<CHINDO
```

Gwajin da ya yi a ƙarshe ya fi komai amfani, kuma kowa zai iya yin sa a gida. Ya kira wani mai sayar da katin waya a maƙwabta, wanda bai ji hirarmu ba, ya miƙa masa takardar ya ce karanta da ƙarfi. Mutumin ya karanta, Kawu ya amsa da na'am.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Malamin ba shi ke buga takardar ba, yaron shago ne, kuma yaron sauri yake yi. A bugun farko ya sa Rilwan, ya haɗiye u ɗin da aka ɓata lokaci ana nema. Da ban duba ba da haka za mu tafi. Kuma sai da muka kusa tashi malamin ya tambaya ko Kawu na da asusun banki, alhali wannan ce tambayar da ta kamata ta zo farko. Wanda ya riga ya yi BVN da wani rubutu, ko da ba shi ne mafi daidai ba, to ko dai ya bi shi a NIN da fasfo, ko ya shirya zuwa kotu yin takardar rantsuwa da zirga-zirgar gyara. Mu dai Allah ya taimake mu, Kawu ba shi da komai a ko'ina. Wurin zama ma benci ɗaya ne a rana, ga dattijo ba daɗi, gara a je da safe.

Kuɗin ba shi da yawa, na aikin malamin daban, na bugawa daban. Na tambaye shi sunan matar Kawu, Sa'adatu, don ita ma tana tafe. Ya ce alamar da ke tsakanin a biyun ba ta shiga layin na'ura, SAADATU zai fito, kuma a bar a ɗin biyu yadda suke, kada wani ya rage ɗaya ya mayar da ita Sadatu. Ya ce in za mu kawo ta, mu zo da ita da kanta, ba ya juya sunan wanda bai ji daga bakinsa ba.