Jadawalin bitar mako biyu na darasin tsarin adana bayanai: yadda ya yi mini ina aikin shago

Takarda ce mai shafi biyu, wani da ya gama sashenmu na kimiyyar kwamfuta ya tsara ta, yana ba ɗaliban da ke zuwa lesin wajensa. Da ita na yi bitar jarrabawar tsarin adana bayanai, kwas ɗin nan da muke kira data sitirakca, alhali ina tsaron shagon cire kuɗi daga bayan azahar zuwa isha'i. Ta yi mini amfani ƙwarai, kuma zan ba duk mai aiki shawarar ya bi ta, amma da gyara a wuri biyu.

Abin da take nema a ranar aiki awa ɗaya da rabi ne. Awa ɗaya bayan sallar asuba don sabon batu, sai rabin awa da za ka tsinta a duk inda ka samu sarari. Makon farko ya fara da ƙiyasin saurin aiki, wato su `O(1)`, `O(n)` da `O(log n)`, tare da jeri a rana ɗaya, kwana biyu a kan linkid lis, sai sitak da kiyu, sai rikashon, ranar Asabar kuma bishiyar bincike, `BST`, Lahadi tsofaffin tambayoyi. Mako na biyu ya ɗauki teburin hash, hif, kwana biyu na hanyoyin jera lambobi, giraf, jarrabawar gwaji, ranar ƙarshe hutu.

Ƙarfin jadawalin yana cikin wannan rabin awar. Ya hana ka karatu a cikinta, ya hana kallon bidiyo. Biro da takarda kawai: a ba ka lambobi, ka zana abin da zai faru da su mataki-mataki. Da na tambayi mai shi dalili, cewa ya yi, "Ƙanena, a ɗakin jarrabawa babu kwamfutar da za ta nuna maka kuskurenka. Hannunka ne zai yi aikin, to shi za ka horar." Gaskiyarsa. Kuma irin aikin da ya dace da mai shago ke nan, domin idan kwastoma ya katse ka, zanen yana nan inda ka bar shi, ka sallame shi ka ɗora. Sakin layi na littafi kuwa sai ka koma farkonsa.

Ga ɗaya daga cikin atisayen, don a ga irinsu. An ce ka zuba 50, 30, 70, 20, 40, 60, 80, 65 cikin bishiyar bincike, ƙarami ya bi hagu, babba ya bi dama, sannan ka cire 50. Zubawar ba ta da wuya: 50 ce a sama, 30 a hagunta da 'ya'yanta 20 da 40, 70 a damanta da 'ya'yanta 60 da 80. Ita 65 ta fi 50, ba ta kai 70 ba, ta fi 60, don haka ta zauna a daman 60. Cirewar ce ke kayar da mutane, saboda 50 tana da 'ya'ya biyu, ba a ɗauke ta haka kawai. Sai ka nemo mai bi mata a girma: ka taka dama sau ɗaya zuwa 70, ka yi ta bin hagu har hanya ta ƙare. Nan za ka tarar da 60, ita za ta hau gurbin 50. To amma 60 tana riƙe da 65, kuma a nan ne aka saka tarkon. Dole 65 ta matso ta zama 'yar hagun 70, in ba haka ba ta ɓace daga bishiyar.

Abin da ya fi burge ni shi ne takardar ta koya maka yadda za ka kama kanka ba tare da wani ya duba maka ba. Bayan kowace cirewa, ka karanta bishiyar a tsarin hagu, uwa, dama. Idan aikinka daidai ne za ka samu 20, 30, 40, 60, 65, 70, 80, a jere daga ƙarami zuwa babba, guda bakwai cif tunda takwas ka zuba ka cire ɗaya. Ka ga shida, ka yar da wata. Ka ga jerin ya karkace, ka ɗora lambar da ba ita ba ce a sama. Mai aiki ba shi da lokacin zuwa zaman bita na rukuni, saboda haka wannan dabarar ta fi masa komai daraja.

Atisayen teburin hash ma haka yake. Gurbi bakwai, ƙa'ida `k mod 7`, wato ragowar da ke saura idan aka raba lambar da 7 ita ce gurbinta, a zuba 10, 17, 24. Dukansu a gurbi na 3 suke faɗawa, sai 10 ta zauna a 3, 17 ta matsa 4, 24 ta matsa 5. Yanzu cire 17 ka bar gurbinta fayau, ka nemi 24. Bincike zai fara a 3, ya zo 4 ya ga babu kowa, ya yanke hukuncin cewa 24 ba ta nan, alhali ga ta a 5. Shi ya sa ake barin alamar "an cire" a gurbin, don bincike ya tsallake ya ci gaba. Minti biyar ya ishe ka zana wannan a bayan takardar rasit, kuma da wuya ka sake mantawa.

Sai inda ya gaza. Na farko, ya ɗauka kowa yana hutu ranar Asabar, ya ɗora mata awa huɗu da batun da ya fi kowanne nauyi. Wannan lissafin ma'aikacin ofis ne. A shago irin namu Asabar ce ranar cinkoso, ga masu biki, ga 'yan kasuwa, ko zama ba ka samu. Na roƙi maigidana ya ba ni safiyar Lahadi har zuwa la'asar, na mayar da bishiya can, tsofaffin tambayoyin kuma na rarraba su cikin rabin awar makon gaba. Duk wanda zai bi jadawalin nan ya fara duba ranar da ta fi masa sauƙi a wurin aiki, ya kai bishiya can, muddin dai ta zo bayan rikashon, don kusan duk aikin da ake yi a kan bishiya da rikashon ake rubuta shi.

Na biyu ya fi damuna: giraf kwana ɗaya tak aka ba shi, kuma sai a rana ta 12. Bai isa ba. A awa ɗaya ana so ka fahimci hanyoyi biyu na adana giraf, ka iya hanyoyi biyu na zagaya shi, wato `BFS` da ke tafiya da kiyu da `DFS` da ke tafiya da sitak ko rikashon, ka kuma gane dalilin da ya sa kowannensu yake cin `O(V + E)`, wato yawan ɗigogin giraf ɗin haɗe da yawan layukan da ke haɗa su, idan jerin maƙwabta aka yi amfani da shi. Idan abin bai zauna ba, washegari gwaji ne, babu sauran wurin gyara. Na karɓo kwana ɗaya daga hanyoyin jera lambobi na ƙara wa giraf, tunda mun riga mun taɓa su a kwas ɗin shirya manhaja na baya, kuma ban yi nadama ba.

Akwai ƙaramin abu kuma: misalansa da Python aka rubuta, mu kuwa da Java ake koyar da mu, sai da na riƙa komawa littafin aji don ganin yadda malaminmu yake rubuta linkid lis. Kuma jadawalin na bita ne, ba na koyo daga tushe ba. Wanda bai halarci lacca ba ko kaɗan, awa ɗaya ta asuba ba za ta ɗauke shi ba, sai ya fara aƙalla wata guda kafin jarrabawa.