Tashar YouTube guda ko biyu: Hausa da Zabarmanci a wuri ɗaya

«Ina gyaran waya a Yamai, ina da tasha ta koyar da gyara da Hausa, mabiya 3,200. Abokan ciniki sun matsa in riƙa yi da Zabarmanci, kuma ina son in ƙara bidiyon sayen waya ta hannu. In buɗe wata tashar ko in haɗa duka?»

Ɗan'uwa, abu biyu ka haɗa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Abin da zai raba maka gardama shi ne: mutumin da ya kalli bidiyonka na jiya, zai so na gobe?

Sayen waya ta hannu, bar shi a tashar da kake da ita. Wanda ya zo koyon canza gilashi ko gyaran wurin caji shi ne dai mai son sanin yadda ake gane batirin da ya kumbura kafin a biya kuɗi. Jera su a playlist nasu, shi ke nan.

Harshe kuwa sai an zauna. A shago kana ganin kamar kowa na jin Hausa da Zabarmanci, ai haka Yamai take. Amma tasha ba shago ba ce. Shiga YouTube Studio, ka je Analytics, ka buɗe shafin Audience, ka duba ƙasashen masu kallonka. In ka tarar mafi yawansu daga Najeriya suke, wanda ba abin mamaki ba ne ga tashar Hausa, to ka san Bakano ko Bakatsine ba ya jin Zabarmanci. Ko a nan gida, mutumin Maraɗi ko Damagaram ba lalle ya ji ba.

Ga abin da ke faruwa in ka haɗa. Sabon bidiyo yakan fara isa wurin waɗanda suka saba kallonka. Mai jin Hausa kaɗai ya ga hoton, ya taɓa, ya ji yaren da bai sani ba, ya fita cikin daƙiƙa goma. Bidiyon ya fara rayuwarsa da kallo gajere, alhali laifin ba nasa ba ne, an kai shi ne inda ba a nemansa. YouTube ba ya hukunta tasha don ta haɗa abubuwa, yana bin abin da kowane mai kallo ya saba tsayawa a kai. Asarar a wurin mutane take: wanda ƙararrawa ta kira sau uku ya tarar da abin da ba nasa ba, zai kashe ta.

Sai dai tasha ta biyu ma tana da tata wahalar. Daga sifiri take tashi, mabiyanka 3,200 ba za su koma can ba, kuma bidiyon da ka sake ɗorawa a can ba ya tafiya da kallonsa na da. Sharaɗin samun kuɗin talla kowace tasha da nata: mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Awa 4,000 minti 240,000 ne. A ce kowane mai kallo yana tsayawa minti uku, kana bukatar kallo 80,000 a sabuwar tashar kaɗai. Ka auna wannan da yawan masu neman gyaran waya da Zabarmanci. Ga kuma aiki: in bidiyo biyu kake iya yi a mako tsakanin abokan ciniki da ɗaukewar wuta, rabawa na nufin kowace ta samu ɗaya, kuma sabuwar ce za ta fara yin shiru.

Da ni ne, gwaji zan fara yi a tsohuwar. Ka yi bidiyon Zabarmanci biyar ko shida, ka rubuta sunan harshen a take da jikin hoto don kada a ruɗi kowa. Wajen ɗorawa, a ƙarin saituna, ka cire alamar da ke kan Publish to subscriptions feed and notify subscribers, sai bidiyon ya fita ba tare da an buga wa mabiyanka ƙararrawa ba. Ka raba shi da kanka ta WhatsApp ga waɗanda suka nema.

Bayan wata biyu ka kwatanta. In matsakaicin lokacin kallo ya yi kusa da na bidiyon Hausa, kuma sunayen da ke sharhi can su ne a nan, jama'arka ɗaya ce mai baki biyu, kada ka raba. In kuwa masu kallon sababbi ne, suna dawowa, su kuma tsofaffin mabiya suna ficewa a duk bidiyon Zabarmanci, to jama'a biyu gare ka, buɗe ta biyun. Ba sai ka yi sabon imel ba, asusun Google ɗaya yana ɗaukar tasha fiye da ɗaya. In kuma kallon bai taka kara ya karya ba, abokan cinikin nan bayani suke so a shago, ka ci gaba da yi musu da baki.