Gargaɗi kan wuƙar da ake cewa tana sare ƙusa da ƙashi ba ta yin giɓi

Duk lokacin da Babbar Sallah ta gabato, masu sayar da wuƙaƙe ta intanet sukan cika wayoyin jama'a da wani irin bidiyo, inda ake ganin mutum ya ɗora wuƙa kan ƙusa ya doka da guduma ƙusar ta tsinke, ya sare ƙashin saniya, daga nan kuma ya yanka takarda ko ya aske gashin hannunsa. A ƙarƙashin bidiyon sai a rubuta cewa ƙarfen Japan ne, taurinsa ya kai HRC 67, ba ya buƙatar wasawa har abada, kuma sai an tura kuɗi kafin a aiko da kaya. Ina jan hankalin mahauta, masu tsire da masu shirin layya da kada su tura kuɗinsu, domin abubuwan da tallar ta yi alkawari ba sa haɗuwa a baki ɗaya na wuƙa ɗaya, kuma dalilin yana cikin halin ƙarfe kansa.

Lambar HRC awon tauri ce kawai. Ana samun ta ne ta hanyar danna tsinin lu'ulu'u a jikin ƙarfe da nauyin kilo 150, sannan a auna zurfin ramin da ya bari, kuma gwargwadon ƙanƙantar ramin gwargwadon hawan lambar. Wuƙaƙen girki na Jamus, waɗanda akasarinsu ake ƙerawa da ƙarfen X50CrMoV15 mai sinadarin kabon kusan kashi 0.5 cikin ɗari, suna tsayawa tsakanin 56 da 58, na Japan masu ƙarfen VG-10 kuma suna kai 60 zuwa 61. Adda da wuƙar saran ƙashi ana barin su ƙasa da haka da gangan, wajen 52 zuwa 56. Akwai ƙarfen da ke kai 65 zuwa 67, kamar ZDP-189 mai kabon kusan kashi 3, amma yana da tsada ƙwarai, kuma masu sayar da shi na gaskiya su ne kan gaba wajen gargaɗin kada a kusantar da shi ga ƙashi ko daskararren nama.

Abin da lambar ba ta faɗa shi ne juriya, wato iyawar ƙarfe ya sha duka ba tare da ya tsage ba. Idan maƙeri ya gasa ƙarfe mai kabon ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Celsius ya tsoma shi cikin mai ko ruwa, kabon ɗin yakan maƙale a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen ya hana su zamewa a kan juna, kuma wannan hanin shi ne tauri. Sai dai zamewar nan ita ce hanyar da ƙarfe ke sauke nauyin duka. Bakin wuƙa mai ɗan laushi idan ya ci karo da ƙashi sai ya lanƙwashe kaɗan, ƙarfin dukan ya ƙare a wurin lanƙwasar. Baki mai tsananin tauri ba shi da wannan mafita, saboda haka ƙarfin yakan taru a wuri guda, a kan wani ɗan karce da dutsen wasawa ya bari ko wani dunƙule mai tauri da ke cikin ƙarfen, daga nan tsaga ta tashi ta ratsa, guntu ya ɓalle. Kwanon silba idan ya faɗi yakan lotse ne, tangaran kuwa ya fi shi tauri amma fashewa yake yi. Don rage wannan gautsi ne ake sake ɗumama ƙarfen bayan tsomawa, a zafin digiri 150 zuwa 250 na tsawon awa ɗaya ko biyu, inda maƙeri ke sadaukar da wani ɓangare na tauri ya sayi juriya da shi.

Saran ƙusar da ake nunawa ba hujja ba ne. Ƙusar kafinta ƙarfe ne mai ƙarancin kabon da ba a taurara ba, kuma kusan duk ƙarfen da aka taurara zai tsinke ta muddin bakinsa yana da kauri, kamar yadda kurfin maƙeri ke yi kullum ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Abin da ke riƙe baki a wurin sara shi ne yawan ƙarfen da ke bayansa. Bakin da aka wasa a kusurwar digiri 25 ko 30 kowane gefe zai jure ƙusa amma ba zai yi aski mai kyau ba, wanda aka wasa a digiri 12 zuwa 15 kuma zai yi aski amma ƙashi zai ɓalle shi. Mai kallo ya lura ko an yanke bidiyon tsakanin saran da askin, ya kuma duba ko ɓangaren bakin da ya sari ƙusa shi ne ya yanka takardar, domin sau da yawa ana sara da gindin wuƙa a yi yanka da wajen tsininta.

Kayan da ke isowa hannun mai saye iri biyu ne. Na farko, wanda ya fi yawa, ƙarfe ne mai arha da laushi da aka buga wa lamba da sunan ƙarya, wani lokaci har da zanen ruwa-ruwa da aka ƙona a samansa don a kira shi Damascus, wato ƙarfen da zanensa ke cikin jikinsa, alhali nasa zane ne da ke gogewa da zarar an sa masa sanfefa. Na biyu shi ne wanda aka taurara ba a sake ɗumama shi yadda ya kamata ba, kuma shi ya fi haɗari, domin guntun da ya ɓalle yana iya shiga nama, ruwan wuƙar kuma yana iya karyewa a hannun mai aiki.

A ɗauki misalin mahaucin da ya karɓi irin wannan wuƙa ya sara ƙafar saniya da ita, ya ga bakin ya lalace. Abu na farko shi ne ya wanke ta ya duba bakin a cikin hasken rana. Idan ya ga layi mai ƙyalli, kuma farcensa ya maƙale a gefe ɗaya kaɗai idan ya ja shi a hankali daga bayan wuƙar zuwa bakin, to bakin lanƙwashewa ya yi, ƙarfen mai laushi ne, lambar 67 kuma ƙarya ce. Idan kuwa ya ga ƙananan giɓi kamar haƙoran zarto, cikinsu toka-toka mai tsakuwa-tsakuwa, babu alamar lanƙwasa a gefensu, to ƙarfen ya yi tauri fiye da aikin. Zai iya tabbatarwa da sabon magagari, wanda taurinsa yakan kai 62 zuwa 65: idan ya ci ƙarfen cikin sauƙi yana zubar da gari, wuƙar tana ƙasa da shi nesa, idan kuma ya zame bai kama ba, tana kusa da shi ko ta fi shi. Gwajin ba zai ba da lamba daidai ba, amma ya isa ya ƙaryata tallar. Ta kowace fuska mai sayarwar yana da amsa a shirye, cewa mai saye ne bai iya riƙon wuƙa ba, bayan shi ne ya nuna saran ƙashi a bidiyonsa.

Kafin a biya, a tambayi sunan ƙarfen, a tambayi aikin da aka ƙera wuƙar dominsa, a kuma nemi a biya bayan an riƙe kaya a hannu. Mai sayarwa na gaskiya zai faɗi abin da wuƙarsa ba ta iyawa. Ga aikin layya kuwa, siririyar wuƙa ta yanka da fiɗa daban, gatari ko adda mai kaurin baki na ƙashi daban, kuma wanda maƙerin gari ya ƙera da sifirin mota, ƙarfen da ke da kabon wajen kashi 0.6 kuma aka san shi da jure duka, ya fi dacewa da saran ƙashi, idan ya dakushe kuma dutse na gyara shi cikin 'yan mintuna.