Asuba, Asabar ko hutu: wanne zai kai malami ƙarshen kundinsa?

Malamin da ke koyarwa kuma yake son kammala kundin digiri na biyu cikin shekarar karatu ɗaya, hanyoyi uku ne a gabansa, kuma kowace da kuɗinta.

Mafi yawanmu hutu muke jira. Yana da daɗin faɗa: "Bari a yi dogon hutu in zauna in gama." Matsalar ita ce lokacin da ka samu sarari, makarantun da za ka raba wa takardun tambayoyi a rufe suke. Ni ma na taɓa zama a watan Agusta da takardu 200 a kwali, babu ɗalibi ko ɗaya da zai cike su. Hutu na rubutu ne da nazarin alƙaluma, ba na tattara bayanai ba.

Ranar Asabar kuwa tana ba ka awa biyar ko shida a jere, amma biki ɗaya ko ta'aziyya ta isa ta cinye ta, sai ka yi mako biyu ba ka buɗe kundin ba. In ka dawo, awar farko wajen tuno inda ka tsaya za ta tafi.

Ni dai shawarata ita ce a yi aikin bayan sallar asuba. Awa ɗaya da rabi, kwana biyar a mako, awa bakwai da rabi ke nan. Zango yakan kai mako 13. Cire uku na jarrabawa da makin da cike sakamako, saura goma. Awa 75 a zango sun isa babi na ɗaya zuwa na uku, in dai an amince da batunka tun Satumba. Kuɗinsa shi ne barci da wuri. Malama mai shirya yara da safe ta mayar da shi bayan isha'i, ta ƙara da rabin Asabar.

Duk wanda ka zaɓa, zango na biyu shi ne ƙashin bayan aikin. Ka kare shimfiɗar bincikenka kafin ƙarshen Janairu, ka nemi izinin shugabannin makarantu, ka raba takardu a Fabrairu. Kada ka bari sai zango na uku, musamman in 'yan ajin ƙarshe na sakandare kake nazari, domin WAEC da NECO za su ɗauke su. Hutun Afrilu sai babi na huɗu, Mayu na biyar, Yuni gyara.

Sai kuma lokacin malamin da ke duba maka kundin, wanda ba a hannunka yake ba. Ware wa kowane babi mako uku a teburinsa, kuma ranar da ka miƙa ɗaya ka fara na gaba. In Disamba ta ƙare bai ga babi na biyu ba, ka makara; ka rage yawan makarantun tun a lokacin, da saninsa.