Wata takwas da manhajar karanta rasit: abin da take kamawa a lambar haraji, da harafi ɗaya da ba ta gani

Ni ke riƙe da littattafan wani kamfanin kayan gini a Kumasi. Muna sayar da siminti da rodi da kwano da fenti, kuma a wata muna karɓar rasit kusan ɗari huɗu daga masu kawo mana kaya da masu motocin dako. A da, da hannu muke shigar da komai, ni da wata ƙanwata da ke taya ni aiki a ofis. Wata takwas ke nan da Alhaji mai kamfanin ya yarda muka fara biyan kuɗin wata manhaja da ake ɗaukar hoton rasit a loda mata, ita kuma ta tsamo sunan mai kaya da kwanan wata da jimillar kuɗi da lambar haraji. Ba zan faɗi sunanta ba, domin akwai inda zan soke ta. Ɓangare ɗaya kawai zan yi magana a kai, wato binciken da take yi wa lambar haraji kafin ta bari ta shiga littafi, don saboda shi na matsa aka saye ta.

A Ghana idan muka sayi kaya muna cire kashi 3 cikin ɗari kafin mu biya mai kaya, idan kuma hidima ce kashi 7.5, sai mu miƙa wa hukumar haraji ta GRA kafin 15 ga watan da ke biye, da lambar kowane mutum a gefen kuɗinsa. In lambar ta karkace, mai kaya ba zai ga kuɗin a sunansa ba, kuma ni zai zo ya tsare a ofis.

Manhajar tana yin bincike hawa biyu. Na farko shi ne siffar lambar. Lambar haraji ta Ghana gurbi 11 ne. Tana farawa da harafi: P na mutum ɗaya, C na kamfani, G na ma'aikatun gwamnati, Q na ofisoshin jakadanci, V na irin su ƙungiyoyin gama kai da asusun amana. Bayan harafin sai sifili biyu, sannan sauran. Wannan hawan yana kama kurakuran da suka fi yawa a wurinmu: hatimi ya rufe alƙalami ɗaya sai lambar ta fito gurbi 10, ko manhajar ta ɗauki sifili a matsayin harafin O, ko ta haɗa da lambar wayar da ke kusa. Duk wanda ya faɗi a nan, sai ta yi masa jan layi ta ajiye shi gefe. Abin da na yaba shi ne ba ta gyarawa a ɓoye. Tana nuna hoton wurin da ta karanta, da abin da take zato, ni ne zan danna in amince.

Hawa na biyu shi ne alƙalamin ƙarshe, kuma a nan ne amfanin abin yake. Gurbi na 11 ba haka kawai aka rubuta shi ba, daga alƙaluma tara da ke tsakiya ake lissafo shi. Ana ninka na farko da 1, na biyu da 2, haka har na tara da 9, a tara su, a raba da 11, abin da ya rage shi ne alƙalamin ƙarshe. In ragowar ta zama 10, sai a rubuta X. Na zauna da takarda na gwada da kaina kafin in yarda da manhajar. Ga lambar misali da na ƙirƙira, C0012345679:

```
0 0 1 2 3 4 5 6 7
0+0+3+8+15+24+35+48+63 = 196
196 - (11 x 17) = 9
```

Ragowar 9 ce, kuma 9 ce a ƙarshen lambar, don haka ta tsallake. To a ce kwafin kabon ne da ya dushe, manhajar ta ɗauki 3 a matsayin 8, wanda kullum ke faruwa da rasit ɗin masu dako. Alƙalamin shi ne na biyar cikin taran, sai 15 ta koma 40, jimilla ta zama 221, ragowa 1. Lambar ta ce 9, lissafi ya ce 1, sai jan layi. Haka idan ni ne na yi gaggawa wajen bugawa na sa 54 a madadin 45, jimilla za ta sauka zuwa 195, ragowa 8, a nan ma za ta kama ni. Saboda 11 ba ta rabuwa da komai sai kanta da 1, babu yadda za a yi alƙalami ɗaya ya canza a cikin taran nan lissafi bai nuna ba, haka ma musanyar alƙaluma biyu maƙwabta. A wata na farko ta tsayar da rasit 31, kuma da na duba su ɗaya bayan ɗaya, 27 karatu ne ya karkace, 4 kuma masu kayan ne da kansu suka buga lambar ba daidai ba a takardarsu. Ɗaya daga cikinsu ya shekara biyu yana raba rasit da lambar da mai ɗab'i ya juya masa. Da na kira na gaya masa, sai da ya ɗauko takardar rajistarsa ya gwada kafin ya yarda, daga baya ya zo har ofis ya yi godiya.

Daga nan ne na saki jiki, kuma a nan na ji ciwo. Koriyar alamar da take bai wa lambar da ta tsallake ta zama mini kamar hatimin hukuma. In na gan ta ba na ko kallon hoton.

A wata na huɗu muka fara sayen rodi wurin wani sabon kamfani. Lambarsu a cikin hatimi take, tawadar kuma ta ɗan malala a bakin harafin farko. Manhajar ta karanta C a matsayin G, ta ba shi koriyar alama, ya shiga littafi, har rasit uku. Ranar 12 ga wata ƙanwar tawa tana jera sunayen da za mu miƙa, ta tsara su bisa lambar haraji, sai ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wannan fa? Duk na kamfanoni da C suka fara, shi kaɗai ne G. Wurin gwamnati muke sayen rodi?"

Na koma kan lissafin na sake dubawa, sai na ga abin da ya kamata in gani tun ranar farko. Harafin farko ba ya cikin lissafin kwata-kwata. Alƙaluma tara na tsakiya kawai ake ninkawa. Don haka C0012345679 da G0012345679 da P0012345679 duk za su tsallake, domin G da P haruffa ne da ƙa'idar siffa ta yarda da su, alƙalamin ƙarshe kuma bai san da zamansu ba. C da G kuwa su ne haruffan da suka fi saurin rikita na'ura a hatimi mai tawada. Wannan ba laifin manhajar ba ne kaɗai, haka tsarin lambar yake. Inda nake ganin laifinta shi ne ba ta faɗa ba. Alamar iri ɗaya take bai wa gurbin da lissafi ya tabbatar da wanda bai taɓa ba, kuma a littafin bayaninta babu layi ko ɗaya a kan haka. Ga shi sunan kamfanin yana ƙarewa da Ltd ɓaro-ɓaro a saman takardar. Da an koya mata ta gwada harafin da irin sunan, da ta tsaya.

Bayan wannan na bi duk watannin baya da tsefe, sai na tarar da wata matsala ta daban. A rasit biyu manhajar ta ɗauki lambar kamfaninmu ne a matsayin ta mai kaya, saboda an rubuta tamu a sama da manyan baƙaƙe, tasu kuma a can ƙasa. Lambar ingantacciya ce, dole ta tsallake kowane bincike. Alƙalamin ƙarshe yana cewa ne an rubuta lamba daidai, ba ya cewa ta wane ne, ba ya kuma cewa an taɓa yi mata rajista. Wanda ya san lissafin nan zai ƙirƙiri lamba cikin minti ɗaya, kamar yadda na yi a sama. Ko ba da gangan ba ma, idan alƙaluma biyu suka ɓaci lokaci ɗaya a takarda mai datti, kusan sau ɗaya cikin sha ɗaya kurakuran suna rufa wa juna asiri. C0002845679 ta bambanta da lambar misalinmu a wuri biyu, jimillarta 218, ragowarta kuma 9.

Ƙorafina na ƙarshe gajere ne. Tun Afrilun 2021 ɗaiɗaikun mutane suna amfani da lambar katin ɗan ƙasa, mai farawa da GHA, a matsayin lambar harajinsu, kuma yawancin masu dakonmu ita suke rubutawa. Manhajar ta zo ba ta san wannan ba, duk ta yi musu ja. Sai da na rubuta wa masu ita sau uku cikin mako uku kafin suka ƙara ƙa'idar, kuma har yau siffarta kawai take dubawa.

Yanzu ga yadda muke aiki. Duk sabon mai kaya, kafin mu biya shi ko sisi, sai ya kawo kwafin takardar rajistar harajinsa ko katinsa. Ni nake buga lambar, ƙanwar tawa ta karanta mini da baki harafi bayan harafi, sannan ta shiga jerin masu kaya. Daga ranar, duk lambar da manhajar ta tsamo ana gwada ta da wadda ke jerin a ƙarƙashin wannan suna, in sun saɓa ko da ta yi kore ba ta wucewa. Na sa lambar kamfaninmu a jerin waɗanda aka hana su bayyana a gurbin mai kaya, wanda na yi sa'a manhajar tana da wurin yin haka, ko da yake an ɓoye shi can cikin saituttuka. Duk lambar da ta fara da G ko Q kuma tana zuwa teburina, tunda ba mu cika sayen komai a wurinsu ba.

Da lokacin sabunta biya ya zo, Alhaji ya tambaye ni ko a bar ta. Na ce a ci gaba, domin aikin da muke kwana huɗu a kai yanzu kwana ɗaya da rabi ne, kuma kuskuren alƙalami ɗaya bai sake shiga littafinmu ba. Na kuma aika wa masu manhajar hoton rasit ɗin rodin nan, na roƙi su raba alamar gida biyu, ɗaya ta alƙaluman da lissafi ya tabbatar, ɗaya ta harafin farko. Sun amsa cewa sun karɓa, wata biyu ke nan, kuma har yanzu harafin da idona nake duba shi.