Ƙirjin kaza yana bushewa a gashi: ruwan gishiri ko barbaɗawa a bushe?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da gasasshiyar kaza a nan Jos. Cinya ba ta ba ni matsala, amma tsokar ƙirji kullum sai ta fito a bushe kamar auduga, har kwastomomi sun fara ƙorafi. Wata ta ce in jiƙa ta a ruwan gishiri, wata kuma ta ce barbaɗa gishirin kawai zan yi ta kwana a firji. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ɗauki ruwan gishiri. Tsokar ƙirji da aka ɗaye wa fata, wadda za ta hau gawayi, babu abin da ke cetonta kamarsa.

Cinya tana da kitse da jijiya, idan ta ji wuta kitsen ya narke, jijiyar ta yi laushi, shi ya sa ko kin ɗan manta da ita a kan wuta ba ta tona miki asiri. Ƙirji kuwa kaɗan yake da su. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, kuma ruwan nan yana maƙale ne a tsakanin siraran zaruruwan tsoka. Da zafi ya shiga sai zaruruwan su tsuke, su matse ruwan waje kamar yadda ake matse soso. Ruwan da kike jin yana ɗiga kan garwashi yana "cuu", shi ne wanda ya kamata kwastoma ya ji a bakinsa.

Aikin gishiri biyu ne a nan. Idan ya ratsa cikin tsoka yana sa zaruruwan nan su buɗe, su ɗan kumbura, wani ɓangare na furotin ɗin da ke ɗaure da su ma ya narke. Da sun buɗe sai su samu wurin ɗaukar ƙarin ruwa daga cikin roba, naman ya ƙara nauyi, wani lokaci har kusan kashi 10 cikin 100. Na biyun kuma, wanda ya fi na farko amfani, zaren da gishiri ya sassauta ba ya iya tsukewa da ƙarfi irin na da in ya ji wuta, don haka ruwan da zai zubar ya ragu. Kada ki ji tsoron maganar da ake yi cewa gishiri yana tsotse ruwan nama. Haka yake idan gishirin ya yi yawa ƙwarai, irin na busar da kifi. A ma'aunin da za mu yi amfani da shi, akasin haka ne ke faruwa.

Ga ma'aunin: giram 50 zuwa 60 na gishiri a kowace lita ɗaya ta ruwa. In babu sikeli, ledar fiya wota biyu lita ɗaya ke nan, sai ki zuba babban cokali uku na gishirin leda mai laushi, a shafe ba a tsibe ba. In gishirin kasuwa ne mai manyan ƙwayoyi, cokali ba zai ba ki gaskiya ba saboda iskar da ke tsakanin ƙwayoyin, gara ki auna a sikeli ko ki daka shi tukuna.

Mu ɗauka kina da ƙirji huɗu, kowanne giram 250, jimla kilo ɗaya. Ki samu roba mai murfi, ki zuba ruwa lita ɗaya da rabi, wato leda uku, da gishiri giram 80, cokali huɗu da rabi ke nan. Ki juya har ki daina jin ƙwaya a ƙasan robar. In kin narkar da gishirin da ruwan zafi ne, to sai ya huce ya yi sanyi sosai kafin nama ya shiga, kada ki kuskura ki sa ɗanyar kaza a ruwa mai ɗumi. Ki nutsar da tsokar duka, in tana tasowa ki danne da faranti, ki rufe, sai firji. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wadatar. Idan kin tsamo, ki taɓa ki ji: za ta yi ɗan tauri a hannu, ta cika, launinta ya ɗan kwanta. Ki ɗora ɗaya a sikeli, mai 250 ɗin nan za ki same ta wajen 265 ko 270. Bayan gashi, wadda ba a jiƙa ba tana iya komawa wajen 190, wadda aka jiƙa kuwa ta tsaya sama da 200. Yanka su gefe da gefe ki gani. Ta farko za ta riƙa tsagewa zare-zare, fara fat, wuƙa ta fito a bushe. Ta biyu kuwa yankan zai fito sumul, yana ɗan sheƙi, kina dannawa da yatsa ruwa mai haske ya taso, ga gishiri ya kai har tsakiya. Ga mai sayarwa ma wannan ƙarin girman da ido ke gani a faranti ba ƙaramin abu ba ne.

Lokaci yana bin kaurin nama ne, domin gishiri a hankali yake tafiya daga waje zuwa ciki. Yankan da ke da ƙashi da fata yana son awa biyu zuwa huɗu. Kaza sukutum mai kilo ɗaya da rabi, awa shida zuwa goma sha biyu. Talo-talon Kirsimeti ko na biki yana iya kwana ya wuni. Amma ƙirji marar ƙashi in ya kwana a wannan ruwan, da safe za ki tarar da abin da ba ki so: gishiri ya yi masa kaca-kaca, tsokar ta yi santsi, bayan gashi tana danƙo a haƙori kamar roba. Ba ta gyaruwa sosai, iyaka ki sa ta a ruwa zalla mai sanyi na kamar awa ɗaya ta rage zafin gishirin. In dole sai ta kwana saboda yanayin aikinki, ki raba gishirin biyu, giram 30 a lita.

Barbaɗawa a bushe kuma, to, ba laifi. Giram 10 a kowane kilo, wajen ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a shafe ko'ina, a bar shi a firji a buɗe ya kwana. Yana rage zubar ruwa, amma ba ya ƙara ko ɗigo, kuma yana cin wuri da lokaci. Inda ya yi fice guda ɗaya ne, kaza sukutum a obin da ake son fatarta ta yi ƙus-ƙus. Ba shi kike sayarwa ba.

Wannan ne ma raunin ruwan gishiri, yana jiƙa fata da saman nama, jiƙaƙƙen nama kuma turara yake yi a kan wuta maimakon ya yi ja. Saboda haka kina tsamowa ki tsane shi da kyau da tawul na takarda ko tsumma mai tsabta, ki jera a faranti a firji ba murfi na rabin awa ko fiye, sannan ki shafa mai da yajinki. A nan mutane da yawa ke ɓata aikinsu: sun manta naman ya riga ya sha gishiri, sai su zo su zuba magi yadda suka saba. Magi mafi yawansa gishiri ne, yajin tsire na saye ma akwai shi a ciki. Kada ki ƙara gishiri ko kaɗan, magin kuma ki rage aƙalla rabi, ki gasa ɗan yanki ki ɗanɗana kafin ki shafa wa sauran. Citta, tafarnuwa da kori kuwa ki adana su zuwa wannan matakin. Zuba su a ruwan jiƙo kusan asara ce, ƙamshinsu a sama-sama yake tsayawa, ba ya ratsawa kamar gishiri. Sukari cokali ɗaya a lita yana taimaka wa launi, amma a gawayi mai ƙarfi yana saurin ƙonewa, ni da ke ce sai in bar shi.

Maganar sanyi ba ta wasa ba ce. Wannan gishirin bai kai ya kashe ƙwayoyin cuta ba, dole robar ta zauna ƙasa da digiri 5. Sanyin Jos na Disamba yana ruɗin mutane su ajiye roba a baranda su ce ai garin firji ne. Ko a tsakiyar hunturu, iskar dare ba abin dogaro ba ce, balle 'yan uwanmu na Abuja a zafin Maris. In an ɗauke wuta, ki sa robar a cikin kula ki kewaye da ƙanƙara. In kuma ƙanƙarar za ta shiga cikin ruwan kai tsaye, ta shiga a ɗaure a ledarta, in ba haka ba tana narkewa za ta tsinka miki ma'auni. Kada ki jiƙa a tukunyar dalma, gishiri yana cin ta, ki tsaya ga roba ko gilashi. Ruwan da aka jiƙa sau ɗaya zubarwa ake yi, ba a maimaita shi, ba a kuma zuba shi a miya.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da inda kike sayen kazar. Akwai masu sayar da ta ƙanƙara da ke cusa mata ruwa kafin su daskarar, don ta yi nauyi a sikeli. Za ki gane ta da dunƙulen ƙanƙara a cikin ciki, da ruwa mai ɗan ja da zai cika kwano in ta saki, tsokar kuma ta yi laɓo-laɓo. Kin sayi ruwa da kuɗin nama ke nan. In kuma ta kamfani ce a leda, ki duba rubutun jiki, idan an riga an sa mata gishiri kada ki sake jiƙawa. Wasu kuma tsohuwar kazar ƙwai da ta gama aiki suke fige wa su ce burola ce. Ki danna ƙarshen ƙashin ƙirji: na ƙaramar burola guringuntsi ne, yana lanƙwasawa, na tsohuwa kuwa ya sandare. Irin wannan, da kazar Hausa, taurinsu na jijiya ne, ruwan gishiri ba ya narkar da jijiya ko da sun kwana biyu a ciki. Maganinsu doguwar dahuwa a tukunya, su tafi farfesu.

Sai wutar kanta. Jiƙon yana ba ki ɗan sarari ne kawai, in kin bar ƙirji ya wuce lokacinsa zai bushe duk da haka. Ki ɗan bubbuga ɓangaren mai kauri ya daidaita da siririn, ki ja garwashi gefe guda, ki fara a wuta mai ƙarfi don launi sannan ki matsar da shi gefen da ba zafi sosai ya ƙarasa. Ki sayi ɗan ma'aunin zafi mai tsinke, ki soka a wuri mafi kauri, yana nuna digiri 74 ki sauke. Ki bar shi ya huta minti biyar kafin wuƙa ta taɓa shi, in kin yanka da zafinsa ruwan a kan katako zai ƙare.